Yadda ake rubuta wa kamfanin sufuri imel a nemi farashin ɗaukar kaya

Na daɗe ina tura kaya da manyan motoci, kuma abin da na lura da shi shine yawancin masu kukan cewa kamfanin sufuri bai ba su amsa ba, ko ya ba su farashi ɗaya ranar lodi kuma ya canja, matsalar daga saƙonsu ta fara. Mutum zai rubuta "ina da kaya zan kai wani gari, nawa ne kuɗin mota" shikenan ya tura. Toh wanda ke zaune a ofishin can me zai lissafa da wannan? Bai san wace mota zai ware ba, bai san kwana nawa za ta yi a hanya ba, bai san ko ranar da kake so ma yana da direba a ƙasa ba. Ko dai ya share ka ko ya jefo maka wani kuɗi na kare kai wanda ya fi ƙarfin aikin. Imel mai kyau shine wanda ma'aikacin zai karanta sau ɗaya ya ɗauki kalkuleta ba tare da ya kira ka ya tambayi komai ba.

Abubuwan da za ka tanada kafin ka buɗe imel ɗin

- Tef na awo, wanda yake da santimita
- Sikeli, ko takardar da ta zo da kayan in an rubuta nauyi a jiki
- Cikakken adireshin inda za a ɗauka da inda za a sauke
- Taswirar waya don duba nisa
- Kalanda, da ranar da mai karɓa ya ce lallai yana son kayan
- Hotuna biyu ko uku na kayan yadda suke a ɗaure
- Takardar sayen kayan, saboda darajarsu in za a yi maganar inshora

In babu sikeli babba ba damuwa, ɗauki kwali ɗaya ka rungume ka hau sikelin auna mutum, ka sauka ka ajiye ka sake hawa kai kaɗai, bambancin shine nauyin kwalin. In kayan nau'i daban daban ne sai ka auna ɗaya daga kowane nau'i.

Zan bi da kai da misali guda ɗaya har ƙarshe dan kar lissafi ya ruɗe: kwali 300 na littattafan rubutu za a ɗauka daga sito a kai wa mai saye a wani gari.

1. Fara da lodin, shi ne ke cin lokaci

Kar ka fara rubutu tukuna. Je gaban kayan ka auna. Kamfani yana buƙatar lamba biyu a kan kowane kaya, nauyi da girma, domin mota tana cika ta hanya biyu, ko ta kai iya nauyin da za ta ɗauka alhali da sauran fili, ko fili ya ƙare alhali ba ta ma ji nauyin ba. Su kuma suna cajin ka ne da wanda ya fara cika musu mota.

A misalinmu kwali ɗaya tsawonsa santimita 40, faɗi 30, tsayi 25, nauyinsa kilo 18. Girman kwali ana samunsa ne in ka mayar da awon mita ka ninka su, amsar ta fito a mita kubik, wato m³:

```
0.40 x 0.30 x 0.25 = 0.03 m³
0.03 x 300 = 9 m³
18 x 300 = 5,400 kg
```

Kaga kayan namu ba su da girma sosai amma suna da nauyi, tan biyar da ɗan ɗori a cikin fili kaɗan. Yanzu kwatanta da wanda zai tura katifu 40, kowace tsawonta santimita 190, faɗi 140, kauri 20. Nauyinsu duka wataƙila bai wuce kilo 600 ba amma filin da za su ci ya haura mita kubik 21, fiye da ninki biyu na littattafanmu. In mai katifa ya rubuta "kilo 600" kawai za a turo masa ƙaramar mota, rabin kayan su tsaya a ƙasa. In mu kuma muka rubuta girma kawai ba nauyi za a turo motar da filinta ya isa amma ba za ta iya ɗauka ba. Shi ya sa ake rubuta duka biyun kullum, ko da kana ganin ɗaya bai da amfani.

Kuskuren da ni kaina na taɓa yi a nan: na kwafi nauyin da ke jikin takardar saye, ashe nauyin kayan ne zalla ba a haɗa da kwali da katakon da aka ɗora su a kai ba. Mota ta zo, aka fara lodi, direba ya kalli yadda ta zauna ya ce shi ba zai wuce haka ba. Sai da na biya wata mota ta biyu don ragowar, kuma ban da bakin magana tunda lambar daga hannuna ta fito. Abin da kamfani ke so shine nauyin duk abin da zai hau mota.

Don haka in kayan a kan falet suke, wato katakon nan da ake jera kwalaye a kai a naɗe da leda, toh falet ɗin za ka auna gaba ɗayansa. Falet mai santimita 120 da 100 yana ɗaukar kwalinmu goma a layi ɗaya in an iya jeri, layi biyar ɗaya kan ɗaya ya zama kwali 50, kenan falet 6. Tsayin kowanne da katakonsa kusan santimita 140, nauyi kilo 900 na kwalaye da kamar 25 na katako. Jimla ta koma kilo 5,550 da kusan mita kubik 10. Waɗannan ne lambobin da za su shiga imel, ba na farko ba.

Sai abu ɗaya da mutane ke mantawa: za a iya ɗora wani abu a saman kayanka ko a'a? In ba za a iya ba ka faɗa, domin filin da ke samansu har rufin mota ya zama naka kenan kuma za a lissafa maka shi. Haka in kayan ba sa son ruwa, ko masu fashewa ne, ko suna buƙatar sanyi. Kayan da ke kama wuta ko sinadarai masu haɗari kuwa kar ka kuskura ka ɓoye, ba kowace mota ko kowane direba ke da izinin ɗaukarsu ba, in aka gano a hanya matsalar ta wuce ta kuɗi.

2. Nisa

Wannan bai da wahala amma akwai tarko. Buɗe taswira ka sa adireshin ɗauka da na saukewa, ka ɗauki nisan titi. A misalinmu ya ba da kilomita 640. Ka rubuta "kimanin kilomita 640 ta titi" ka kuma sa adireshin biyu cikakku, saboda kamfanin da kansa zai sake lissafawa, kuma hanyar da taswira ta nuna maka ta ƙaramar mota ce, babbar mota wani lokaci sai ta zagaya saboda gada ko titin da aka hana ta bi. Lambar taka amfaninta ta nuna musu girman aikin tun a kallon farko.

Sunan gari kaɗai baya isa. Tsakiyar kasuwa mai cunkoso da sito a bakin babban titi duk gari ɗaya ne amma aikinsu ba ɗaya ba. Ka faɗi ko babbar mota za ta iya shiga har ƙofa ta juya, ko lungu ne sai an yi dako. In baka taɓa zuwa wajen saukewar ba kira mai karɓa ka tambaye shi, ka ce ya ɗauko maka hoton ƙofar da titin gabanta.

In wurin saukewa ya fi ɗaya ka jera su bi da bi, da adadin da za a sauke a kowanne.

3. Wa'adi

A nan ne kalmar "da gaggawa" ke cutar mutane. Da gaggawa ba rana ba ce. Wanda ya karanta ko ya ɗauka gobe kake nufi ya sa maka kuɗin gaggawa, ko ya ɗauka irin maganar da kowa ke yi ce ya ajiye ka a layi.

Ranaku uku ake rubutawa. Ranar da kayan za su kasance a shirye don lodi, ranar ƙarshe da dole su isa, da ranar da kake son amsar imel ɗin ta zo maka. Ta ukun nan kusan kowa na mantawa da ita, sai ka zauna kana jiran farashi har lokacin lodi ya matso ka rasa damar neman wani.

Ka rubuta rana da sunanta, wata da sunansa: Talata 14 ga Oktoba. Kar ka rubuta 10/11 domin wani zai karanta 10 ga Nuwamba wani kuma 11 ga Oktoba, ya danganta da yadda ya saba. Ka sa awanni ma, sito yana buɗewa ƙarfe nawa yana rufewa ƙarfe nawa, domin motar da ta iso bayan an tashi aiki kwana za ta yi a ƙofa kuma wani zai biya wannan kwanan.

Sannan ka duba ko wa'adin naka mai yiwuwa ne. Ni nakan lissafa babbar mota mai lodi a kan kilomita 50 zuwa 60 a awa in an haɗa tafiyar duka, kenan kilomita 640 ta kama awa 11 zuwa 13 na tuƙi zalla, ban da hutun direba, ban da lodi da saukewa. A aikace kwana ɗaya da rabi ne ko biyu. In mai saye yana son kaya ranar Juma'a toh lodi ranar Talata ya ba ka sarari, lodi ranar Alhamis da yamma kuwa neman rigima ne. Kuma in kana da sassauci ka faɗa, misali "za a iya lodi Litinin ko Talata". Kamfani yakan samu motar da ta kawo kaya yankinku za ta koma fanko, in ranarka ta dace da ita farashi yakan sauko sosai, amma ba za su iya haɗa ka da ita ba in ka kafe a kan awa ɗaya.

4. Wa zai yi lodi, wa zai sauke

Gajeren layi ne amma yawan faɗan ranar aiki a kansa ake yi. Kai ka ɗauka kuɗin mota ya haɗa da masu lodi, su kuma sun ɗauka direba zai buɗe baya kawai ya tsaya gefe. Ka rubuta ƙarara: a wajen ɗauka muna da injin ɗaga falet da ma'aikata, a wajen saukewa babu. In babu inji a can, falet mai kilo 925 ba a sauke shi da hannu, ko dai a zo da mota mai abin sauke kaya a baya ko a kwance falet a sauke kwali kwali, wanda zai ci awanni. Gara su sani tun yanzu su sa a lissafi.

5. Tambayoyin da za ka sa su amsa

Lamba ɗaya tsirara ba farashi ba ce. Ka nemi su faɗa maka abin da ke ciki: haraji da kuɗin hanya suna ciki ko daban, awa nawa mota za ta jira kyauta kafin kuɗin jira ya fara, akwai inshorar kaya kuma har nawa take biya, nawa ne kafin alƙalami kuma yaushe ake cikawa, farashin zai tsaya har zuwa wace rana. Maganar inshora ka ɗan tsaya a kanta, domin inshorar mota daban ta kayan da ke ciki daban, kuma kamfanoni da yawa abin da suka ɗauki alhakin biya in kaya ya lalace yana da iyaka da bai kai darajar kayan ba. Shi ya sa ake faɗin darajar kayan a imel a kuma tambaya kai tsaye.

Ka tambaya kuma motar taka ce kai kaɗai ko za a haɗa da kayan wasu. Haɗaka ta fi araha amma tana tsaye tsaye a hanya, in wa'adinka a matse yake ka ce su ba ka farashin duka biyun ka zaɓa.

6. Yanzu rubuta

A layin Subject kar ka sa "Sallama" ko "Neman bayani". Sa aikin duka a layi ɗaya, yadda ko bai buɗe ba ya san me ke ciki. Jikin saƙon kuma gaisuwa layi ɗaya ta isa, ba wajen doguwar gabatarwa ba ne. Ga yadda nawa yake fita:

Subject: Neman farashi: falet 6, kilo 5,550, kilomita 640, isarwa zuwa 17 ga Oktoba

Barkanku da aiki,

Ina neman farashinku a rubuce na ɗaukar kaya kamar haka.

Kaya: littattafan rubutu, kwali 300 a kan falet 6, an naɗe da leda. Kowane falet santimita 120 x 100 x 140, kilo 925. Jimla kilo 5,550, kimanin mita kubik 10. Ba a ɗora komai a samansu, kuma ba sa son ruwa, don haka muna buƙatar rufaffiyar mota. Darajar kayan: [adadi].

Wurin ɗauka: [cikakken adireshi]. Babbar mota na shiga har ƙofa. Muna da injin ɗaga falet, mu za mu yi lodi. Ana buɗewa ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma.

Wurin saukewa: [cikakken adireshi]. Kimanin kilomita 640 ta titi. Babu inji a can, ku sa kuɗin saukewa a layinsa daban.

Lokaci: kayan za su kasance a shirye daga Litinin 13 ga Oktoba, za a iya lodi Litinin ko Talata. Dole su isa ranar Juma'a 17 ga Oktoba kafin ƙarfe 12 na rana, ko kafin ranar.

Don Allah ku bayyana irin motar da za ku turo, ko farashin ya haɗa da haraji da kuɗin hanya, awannin jira kyauta da kuɗin jira bayan haka, inshorar kaya da iyakarta, tsarin biya, da ranar da farashin zai daina aiki.

Zan so samun amsarku zuwa Alhamis 9 ga Oktoba. Na haɗa hotunan kayan guda uku.

Na gode,
[suna, sunan kasuwanci, lambar waya]

Shikenan. Lura ban ce musu ga kuɗin da nake da shi ba, ban kuma ce wannan ne karo na farko ba. Ban zaɓa musu mota da suna ba, na faɗi abin da kaya ke buƙata na bar su su faɗi motar, domin in ka ce "ku turo mota mai tan biyar" kuma kayanka sun haura tan biyar, laifin ya dawo kanka. In kamfanin da wani yare suke aiki, tsarin dai ɗaya ne, lambobin ne ke magana.

7. Kafin ka danna Send

Sake duba lambobi da takardar awonka a gefe, musamman sifili da waƙafi, 5,550 da 555 tazarar mota guda ce. Duba ko ranar mako ta dace da kwanan wata a kalanda. Duba ko hotunan sun hau da gaske, sau nawa mutum ke rubuta "na haɗa hoto" babu komai a ciki. In jerin kayan yana da tsawo ka sa shi a PDF, amma jimlar nauyi da girma su kasance a jikin imel, ba kowa ke buɗe abin da aka liƙa ba.

Ka tura wa kamfani uku aƙalla, saƙo iri ɗaya sak, in ba haka ba ba za ka iya kwatanta amsoshin ba. Amma kar ka jera su duka a layin To kowa yana ganin kowa. Ko ka tura ɗaya bayan ɗaya, wanda ni na fi so tunda kowace amsa tana zuwa a zarenta, ko ka sa su a layin Bcc, inda ba sa ganin juna.

In kamfanin ba su da imel sai lambar waya ko fom a shafinsu, kwafi wannan rubutun yadda yake ka tura ta can. In kuma suka kira ka suka faɗi farashi da baki, ka karɓa ka gode, sannan ka tura musu gajeren saƙo: "kamar yadda muka yi magana yau, kuɗi kaza, ya haɗa da kaza da kaza, lodi ranar kaza, ku tabbatar min."

8. In amsa ta zo

Kar idonka ya tafi kan lambar ƙasa kawai. Ɗauki tambayoyinka ka bi ɗaya bayan ɗaya ka ga wanne aka amsa wanne aka tsallake. Wanda ya fi kowa araha sau da yawa shine wanda bai ce komai a kan saukewa da haraji da jira ba, in ka haɗa su sai ka ga ya kamo sauran ko ya wuce su. Alamar amsa mai kyau ita ce ta maimaita maka nauyinka da ranakunka, ta faɗi irin mota, ta rarraba kuɗin layi layi. Wadda ta zo bayan minti biyu da lamba ɗaya ba bayani, mai yiwuwa ba a karanta saƙonka ba, ka mayar musu ka ce su tabbatar sun ga kilo 5,550 da wa'adin Juma'a.

In kwana biyu suka wuce shiru, danna Reply a kan saƙonka na farko ka ƙara layi ɗaya na tuni, ko ka kira ka ce na turo imel ranar kaza mai taken kaza. In kuma bayan ka karɓi farashi wani abu ya canja, ace mai saye ya ƙara kwali 50 falet ya zama 7, kar ka bari sai ranar lodi, rubuta musu a wannan zaren take da sabon nauyi kilo 6,475 ka nemi su sabunta farashin su kuma tabbatar motar da suka ware za ta ɗauka.